Me ya kamata a rubuta a fastar ranar rigakafin unguwa?

"Assalamu alaikum. Ni ne sakataren kwamitin lafiya na mazaɓarmu. Mai kula da asibitinmu ta ce ma'aikata za su fito unguwarmu rana guda su yi wa yara allurar ƙyanda, ta ce in shirya fasta. Na rubuta har ya cika shafi, da bayanin illar cutar da komai, sai ta ce ya yi yawa. Me zan bari, me zan cire? Kuma yaya zan rubuta lokaci da wuri da waɗanda za a kawo don kada a samu ruɗani?"

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Hajiya tana da gaskiya. Wanda zai ga fastar nan ba zama zai yi ya karanta ta ba. Yana fitowa daga masallaci yana neman takalminsa, ko yana tsaye wajen mai shayi yana jiran canji, idonsa ya sauka a kanta na ɗan lokaci ya wuce. Abin da ya kwasa a wannan kallon shi zai kai gida, shi zai faɗa wa uwar yaran. Saboda haka shafin da ka rubuta kada ka yar da shi, ka ajiye wa liman da mai shela, su ne masu lokacin yin bayani. Ita fastar, abu huɗu kawai za ta ɗauka: mene ne za a yi, wa za a kawo, yaushe, a ina. Sai layi biyu ko uku na cire shakka.

Amma kafin ka koma wajen mai kwamfuta, ka koma wajen Hajiya da biro da takarda. Mafi yawan fastocin da ke jawo rigima ranar rigakafi ba a wajen bugawa suka lalace ba, tun wajen tambaya aka bar giɓi. Duk layin da ka rubuta alkawari ne da ma'aikata za su cika a gaban jama'a, don haka kada ka rubuta abin da ba daga bakinsu ya fito ba. Ka tambaye ta shekarun yaran da za a yi wa, daga ina zuwa ina. Ka tambaye ta ko allurar ƙyanda kaɗai za su ɗauko ko da sauran alluran jarirai. Ka tambaye ta ko yaron da aka taɓa yi wa za a sake yi masa. Ka tambayi ma'aikata nawa ne masu allura, da ƙarfe nawa za su iya kasancewa a wurin da kayansu a shimfiɗe. Amsoshin nan su ne fastar.

Ga yadda za ta iya fitowa, idan muka ɗauka amsar Hajiya ita ce gangami ne na yara daga wata 9 zuwa ƙasa da shekara 5:

RIGAKAFIN ƘYANDA
Yara daga wata 9 zuwa waɗanda ba su cika shekara 5 ba
Talata, 12 ga Mayu
Ƙarfe 8 na safe zuwa 2 na rana
Ƙofar gidan Mai Unguwa, daura da masallacin Juma'a
Kyauta ne. Allura ce, ba za a bi gida-gida ba.
A zo da katin yaro. Wanda ba shi da kati ma a kawo shi.

Can ƙasa da ƙananan haruffa sai sunan asibitinku da na kwamitinku. Ba "Sanarwa! Sanarwa!! Sanarwa!!!", ba "ana farin cikin sanar da ɗaukacin al'umma". Waɗannan na katin ɗaurin aure ne, kuma suna cinye wurin da ya fi kowanne daraja a takardar, wato samanta. A layin farko ka sa sunan cutar da mutanen garinku ke faɗa da bakinsu. Idan baƙon dauro suke cewa, rubuta baƙon dauro.

Layin waɗanda za a kawo

Nan ne aikin yake, kuma nan zan fi daɗewa. A takardun ma'aikatan lafiya za ka ga an rubuta wata 9 zuwa wata 59. Kada wannan 59 ɗin ya shiga fastarka. Ba uwar da ke ƙirga ɗanta ɗan shekara huɗu da watanni. Sai dai kuma idan ka gajarta ka ce "wata 9 zuwa shekara 5", rabin masu karantawa za su fahimci har da wanda ya cika biyar yana cikin ta shida. Za su kawo shi, su bi layi a rana, a ce da su ba ya ciki, su koma suna cewa an yi musu wulaƙanci. Shi ya sa na tsawaita layin na ce "waɗanda ba su cika shekara 5 ba". Kalma biyar ce ta ƙaru, amma ta raba gardama. Idan aka zo kan yaron da ba a san shekarunsa ba, ma'aikata suna da dabarunsu, kamar su sa shi ya ɗaga hannu ta saman kai ya kamo kunnen ɗaya ɓangaren, wanda yaro kan fara iyawa wajen shekara biyar. Wannan nasu ne, ba na fasta ba.

Iyakar ƙasa ma tana da dalili, kuma yana da kyau ka san shi don za a tambaye ka. Jariri yana zuwa da sauran kariyar da ya samo daga jikin uwarsa, kuma wannan kariyar kan hana allurar ƙyanda kamawa sosai idan an yi ta da wuri. Shi ya sa a jadawalin Najeriya ake yin ta farko a wata 9, ta biyu a wata 15. Amma idan cutar ta ɓarke a wani yanki, hukuma kan sauko da iyakar zuwa wata 6, wani gangamin kuma yakan haura har yara 'yan shekara 14. Saboda haka kada ka kwafi shekarun daga fastar bara da ke manne a bangon asibiti. Kowane gangami da nasa iyaka, kuma hukumar lafiya ce ke yanke ta, ba kwamiti ba.

Sai batun jariran da ba su kai wata 9 ba. Mutanenmu sun saba da ɗigon shan inna, wanda ake ba kowane yaro daga jaririn jiya har zuwa wanda bai kai shekara biyar ba. Da sun ga kalmar rigakafi, za a goyo jarirai a zo. Idan ma'aikata za su taho da alluran jarirai, wato na mako 6, mako 10 da mako 14, to ka ƙara layi guda: "Jarirai ma a kawo su, akwai nasu alluran." Idan ba za su taho da su ba, ka rubuta ranar da ake yi a asibiti, misali "Jarirai 'yan ƙasa da wata 9: kowace Laraba a asibiti", idan Laraba ce ranarku. Uwar da ta yi wa jariri wanka ta fito aka mayar da ita hannu rabbana, da wuya ta sake fitowa da wuri.

Tambayar da za ta fi yawo a zaure ita ce ta yaron da aka riga aka yi wa. A babban gangamin ƙyanda, ƙa'ida ita ce a yi wa duk yaron da ke cikin shekarun, ko an taɓa yi masa ko ba a taɓa ba, domin allura ɗaya ba ta kama kowane yaro ba. Idan irin wannan ne, ka sa "Ko an taɓa yi masa, a kawo shi." Amma idan fitowa ce ta cike giɓi, wato neman yaran da suka tsallake allurarsu, to kati ne zai nuna wanda ya cancanta, kuma wannan layin zai zama ƙarya. Sai ka rubuta "A kawo shi a duba katinsa." Layukan biyu sun yi kama a ido, amma aikinsu daban. Wanda Hajiya ta tabbatar maka shi za ka ɗauka.

Game da kati, ka lura jimla biyu na yi, kuma ta biyun ta fi ta farkon muhimmanci. Idan ka tsaya a "A zo da katin yaro", wadda nata ya jiƙe a damina, da wadda ta haihu a gida ba ta taɓa zuwa asibiti ba, za su ɗauka ba da su ake ba. Su kuwa 'ya'yansu ne aka fito nema. Yaron da ba shi da kati, sau da yawa shi ne yaron da ba a taɓa yi wa ko allura ɗaya ba.

Akwai abin da ba zan sa ba, shi ne jerin waɗanda kada a kawo. Da zarar ka rubuta "ban da marasa lafiya", duk mai mura da mai ɗan gudawa za a bar shi a gida, alhali ƙaramar rashin lafiya ba ta hana allura. Yaron da ke cikin zazzaɓi mai zafi ko jinya mai nauyi, ma'aikaciya ce za ta duba ta ce a ɗaga masa. Bar mata wannan hukuncin.

Rana da lokaci

Sunan rana ya zo da farko, sannan kwanan wata, sannan sunan watan da haruffa. Mutane da Talata da Laraba suke lissafi, ba da 12 da 13 ba. Kada ka rubuta 12/5 irin na takardar ofis, kada kuma ka rubuta "gobe" ko "Talata mai zuwa", domin takarda ba ta san ranar da ake karanta ta ba. Ka buɗe kalanda ka tabbatar ranar da kwanan watan sun dace. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki tsohon fayil a sauya lamba a manta da sunan ranar, sai rabin unguwa su zo Litinin rabi su zo Talata. Idan a garinku an fi amfani da watan Musulunci, za ka iya ƙara shi a ƙasa, amma ka sani yakan saɓa da kwana ɗaya saboda ganin wata. Sunan ranar shi ke warware wannan.

Lokacin farawa kuma ka rubuta na gaskiya. Rigakafin ba a unguwa yake kwana ba. Sai ma'aikata sun je inda firjin yake da safe, sun sa hannu sun karɓa, sun jera shi a akwatin sanyi da ƙanƙara, sannan su hau babur. Idan Hajiya ta ce ba za su iso kafin tara ba, rubuta tara, ko da takwas ta fi kyau a ido. Matan da suka fara zuwa su ne masu himma, kuma su ne za a shanya idan ka yi alkawarin da ba a cika ba.

Lokacin tashi wajibi ne, kuma ba don ma'aikata suna gaggawar komawa gida ba. Rigakafin ƙyanda gari ne a kwalba, sai an haɗa shi da ruwansa. Daga lokacin da aka haɗa, awa shida ke gare shi, bayan haka sai zubarwa. Kwalbar da aka fi amfani da ita ta yara goma ce. Ƙanƙarar akwatin ma tana narkewa, balle a zafin Afrilu da Mayu, kuma ana so rigakafin ya zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8. Idan ba ka sa lokacin tashi ba, mutane za su ce sai rana ta yi sanyi, su zo bayan la'asar su tarar da tabarma kawai. Ka rubuta "na safe" da "na rana" a gaban kowace lamba. Idan wuri ya isa, ka kama lokacin da salla: "za a tashi ƙarfe 2, bayan azahar". Wanda ba ya duba agogo yana jin kiran salla.

Idan kuna da ta cewa a zaɓen ranar, ku kauce wa Juma'a da ranar kasuwar garinku. Da damina kuma ku tuna safiya ta gona ce, kuma 'yan matan da ke rako ƙanne suna can.

Wani lissafi da ba a cika yi ba sai an ga layi ya kai bakin titi: shin tebur ɗaya zai iya ɗaukar mutanen da fastar za ta kira? A tsarin lissafin ma'aikatan lafiya, yara 'yan ƙasa da shekara biyar sukan kai kashi ɗaya cikin biyar na jama'a. Unguwa mai mutum 2,000 ke nan tana da yara wajen 400, ka cire jarirai ka ce saura ɗari uku da wani abu. Yanzu ka ɗauka kowane yaro zai ci minti uku, daga duba kati zuwa allura zuwa rubutu. Mai allura ɗaya zai yi yara 20 a awa, 120 a awa shida. Ka ga ko rabi bai kai ba. To ko dai a ƙaro ma'aikata, ko a ƙara rana, ko ka raba unguwar a kan fastar kanta: na gabas da titi daga 8 zuwa 11, na yamma da titi daga 11 zuwa 2. Rabawar ba ta ƙara yawan yaran da za a yi wa, amma tana hana kowa ya taru lokaci ɗaya ya gaji ya tafi. Ka kai wa Hajiya wannan lissafin tun kafin a buga.

Wuri

Ka rubuta sunan da ɗan acaɓa zai gane, ba sunan da ke kan allon gwamnati ba. Makarantu da yawa suna da dogon suna na hukuma, amma mutane suna kiransu da sunan unguwa ko na wata bishiya da ke ƙofar. Na bakin mutane za ka sa, sannan alama ɗaya da ba ta da ta biyu a unguwar. "Kusa da masallaci" ba alama ba ce a unguwar da ke da masallatai goma sha. Masallacin Juma'a, ko tankin ruwa, ko tashar babura, waɗannan ɗaya ne. Kuma idan fastar za ta shiga waya, ka ƙara sunan unguwar da garin a layin, don hoto ba ya tsayawa inda aka ɗauke shi. Kowace unguwa tana da Mai Unguwa.

Layin "ba za a bi gida-gida ba" a nan amfaninsa yake. Shekaru da yawa ana bin gidaje da ɗigon shan inna, ana shafa wa yaro tawada a ɗan yatsa, ana rubutu da alli a jikin ƙofa. Mutane sun saba rigakafi ne ke zuwa ya same su. Idan ba ka faɗa ƙarara ba, mata za su zauna suna jiran sallama har ma'aikata su naɗe kaya. Haka kuma faɗin cewa allura ce gaskiya ce da ya kamata a faɗa tun daga bango. Maigidan da ya ba da izini yana zaton ɗigo ne, ya dawo ya tarar an yi allura, shi ne zai hana a gaba.

Kafin ka rubuta wurin, ka je ka tsaya a cikinsa da hantsi. Akwai inuwa? Akwai inda mata za su zauna ba a tsakiyar majalisar maza ba? Ana so a ɗan zauna bayan allura kafin a tafi, don a ga yadda jikin yaro ya karɓa, saboda haka wurin zama ba ƙawa ba ne. Idan ƙofar gidan Mai Unguwa cike take da dattawa kullum, wasu matan ba za su ratsa ba, gara makaranta ko wani fili mai katanga.

Girman haruffa da bugawa

Ka nemi takarda A3, mai faɗin kusan santimita 30 da tsawon 42. A4 ta wasiƙa ce, daga taku uku ba a karanta ta. Ƙa'idar masu rubutun allo ita ce harafi mai tsayin santimita biyu da rabi yana karantuwa sarai daga mita uku. A kan A3, kalmar RIGAKAFIN da haruffa masu kauri za ta cika faɗin takardar idan tsayinta ya kai santimita uku da ɗoriya, sai ƘYANDA ta sauko layi na biyu. Layin rana da na wuri su zama kamar rabin wannan. Sauran su fi ƙanƙanta, amma kada su gaza santimita ɗaya. Kan magana kaɗai za a yi da manyan baƙaƙe. Dogon layi da manyan baƙaƙe zalla yana wahalar da mai karatu a hankali.

Baƙin rubutu a kan fara ko rawayar takarda ya wadatar. Mai kwamfuta zai so ya zuba launuka da hoto a bayan rubutu da haruffa masu lanƙwasa, ka ce masa a'a cikin ladabi. Ka kuma sa ido a kan haruffa masu ƙugiya. Yawancin salon rubutun ado ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga ɗan akwati ya fito a madadin Ƙ ɗin ƘYANDA, ko harafin ya fito siriri shi kaɗai a tsakiyar masu kauri. Noto Sans da Andika suna da su duka. Idan a wani shago za a tsara a buga a wani, a mayar da fayil ɗin PDF tukuna, sannan a buga guda ɗaya ka karanta da idonka kafin a saki sauran. Ka ce a buga da injin hoda irin na fotokwafi. Tawadar ruwa, yayyafi ɗaya ya ishe ta ta zube.

Idan unguwarku akwai masu karanta ajami fiye da boko, ka raba takardar biyu, ko ka yi ta ajami daban. Kada ka bar wa kwamfuta. Ka sami malamin allo mai kyakkyawan hannu ya rubuta da irin rubutun da almajirai suka saba gani, da wasulla cikakku, sannan a yi fotokwafi. A ajami ma ka bar lambobin agogo yadda suke a fuskar waya.

Hoto ba dole ba ne. Idan za a sa, zane ɗaya na uwa da uba da yaro cikin shigar garinku ya isa. Ban da hoton sirinji tsirara, ban da yaro mai ƙuraje yana kuka, ban da fuskar ɗan kowa ba da iznin iyayensa ba. Hoton ɗan siyasa kuwa, ko shi ya biya kuɗin bugawa, yana mayar da fastar ta jam'iyya, kuma 'yan ɗaya ɓangaren za su yage ta kafin magariba. Tambarin hukumar lafiya ba a sa shi sai da izini, don haka ka bar Hajiya ta nuna wa jami'in wayar da kai na ƙaramar hukuma kafin a buga. Abin da ya fi tambari tasiri a ƙasan takardar shi ne a ga an rubuta cewa da sanin Mai Unguwa da limamai, in dai da gaske an je an same su. Tun abin da ya faru a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi saboda zargi, aikin rigakafi a Arewa ya jingina da sarakuna da malamai, kuma mutane suna duba ko da yawunsu.

Kada ka rubuta "ba ta da wata illa". Wajen allurar yakan yi ɗan ciwo, wasu yaran kuma sukan yi zazzaɓi ko ƙananan ƙuraje bayan mako guda zuwa kwana goma sha biyu, su wuce da kansu. Idan fasta ta ce babu komai sannan aka ga wannan, an ba masu jita-jita abin faɗa. Wannan bayanin ma'aikaciya za ta yi wa uwa baki da baki. Lambar waya ma kada ka sa sai mai ita ya yarda, kuma zai ɗauka ranar.

Gwaji da mannawa

Guda ɗayan da aka fara bugawa, ka manna ta a bango, ka kira mutum huɗu ko biyar waɗanda ba 'yan kwamiti ba, ciki har da mace da wanda karatunsa bai yi nisa ba. Kowa ya tsaya taku huɗu, ya duba na ɗan lokaci, ya juya baya. Sai ka tambaye shi: yaushe ne, a ina, nawa za a biya? Sannan ka ba shi misali: ɗana yana da wata bakwai, in kawo shi? 'Yata ta cika biyar da Sallar da ta wuce fa? Katin ƙaninta ya ɓata fa? Kada ka tambaye shi ko ta yi kyau, zai ce ta yi. Duk tambayar da mutum biyu suka kasa, layin ne ke da gyara.

A manna kwana biyar zuwa bakwai kafin ranar, yadda Juma'a ɗaya za ta ratsa a tsakani. Idan aka yi da wuri sosai, rana da yara da awaki za su gama da ita. A sa ta daidai idon babban mutum, kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa, a gefen da ke da rumfa, da dafaffen sitaci a bangon siminti ko ƙananan ƙusoshi a jikin katako. A nemi iznin mai bango. Wuraren maza an san su: ƙofar masallaci, teburin mai shayi, shagon cajin waya. Amma mafi yawan matan da za su ɗauko yaran ba sa bi ta nan. Nasu wuraren su ne wajen injin markaɗe, bakin famfo, Islamiyyar matan aure, kemis, da gidan ungozoma. Ƙananan kwafi na rabin A4 da za a ba 'yan makaranta su kai gida sukan shiga inda bango ba ya shiga.

Duk da haka fasta ita kaɗai ba ta cika layi. Mai shela da daddare kafin ranar da kuma da sassafe, liman bayan salla, da saƙon murya a WhatsApp, su ne ke kai maganar ga wanda ba ya karatu. Amfanin fastar a gare su shi ne kowa ya karanto daga takarda ɗaya, kada mai shela ya ce takwas liman ya ce goma. Ka ba kowannensu kwafi a hannu.

Ka rubuta jerin wuraren da aka manna, domin ranar takan sauya. Rigakafi kan makara daga jiha, ko a yi rasuwa a gidan da za a zauna. Idan haka ta faru, kada a gyara da biro a kan tsohuwar, mutane ba sa yarda da lambar da aka soke. A buga siririyar takarda mai "AN ƊAGA ZUWA" da sabuwar rana, a liƙa ta a kan layin ranar a kowane wuri da ke cikin jerin, mai shela kuma ya zaga a ranar. Washegarin rigakafin a bi jerin nan a cire su duka, don tsohuwar fasta mai "Talata" a sama takan sa wata uwa ta goyo yaro ta fito Talatar da ke biye.